Kifirem da sassauta gudu: yadda ake motsa take ko hoto cikin bidiyo ba tare da fizga ba

A rahotannin talabijin da bidiyoyin da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook, sunan mai magana yakan shigo daga gefen allo, ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya fita. Wani rubutun yakan shigo a natse har mai kallo bai lura da shigowarsa ba, sai dai ya karanta. Wani kuma yakan taho a guje ya tsaya cak kamar ya ci karo da bango. Bambancin biyun ba ya zuwa daga tsadar kwamfuta ko ta wayar salula. Yana zuwa ne daga yadda mai montaji ya raba gudun rubutun tsakanin wurin tashi da wurin tsayawa.

Mene ne kifirem

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, kowane ɗaya kuma ana kiransa firem. A tsarin talabijin da Nijar da Najeriya suka gada, firem 25 ne ke wucewa cikin sakan guda, yayin da yawancin wayoyin salula ke ɗaukar 30.

Kifirem alama ce da mai montaji ke dasawa a kan layin lokaci don ya gaya wa manhaja cewa a daidai wannan firem, abu kaza yana wuri kaza. A manhajar da aka sa wa Faransanci sunansa image clé, a ta Ingilishi kuma keyframe. Kusan ko'ina siffarsa ɗaya ce, wato ɗan ƙaramin lu'ulu'u mai kusurwa huɗu, a After Effects da Premiere Pro na kwamfuta, haka ma a CapCut na waya.

Kifirem guda ɗaya ba ya motsa komai. Sai an dasa biyu masu ƙima daban, sannan manhaja ta lissafa inda abin zai kasance a kowane firem da ke tsakaninsu. Sunan ya samo asali ne daga ɗakunan zanen katun na da, inda babban mai zane ke zana muhimman hotunan motsi kawai, mataimakansa su cike na tsakani. Yau manhaja ce ke aikin mataimakan.

Gudun bai-ɗaya da matsalarsa

Idan ba a gaya mata komai ba, manhaja tana raba nisan daidai wa daida tsakanin firem-firem ɗin. Wannan shi ne abin da ake rubutawa Linear ko Linéaire a allo. Abin yana tashi da cikakken gudu tun daga firem na farko, ya riƙe gudun nan har na ƙarshe, sannan ya daskare nan take.

Babu wani abu mai nauyi da ke tafiya haka. Ɗan kabu-kabu da ya ɗauki fasinja a bakin kasuwa yana tashi ne sannu-sannu, ya ƙara wuta a tsakiyar hanya, ya fara taka birki tun kafin ya kai ƙofar gidan. Ido ya saba da wannan tun yarinta, shi ya sa rubutun da ya tsaya ba tare da rage gudu ba yake zama kamar an fizge shi.

Masu zanen kamfanin Disney sun daɗe da sanin haka. Biyu daga cikinsu, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun lissafa ƙa'idoji 12 na motsa zane a littafinsu The Illusion of Life na shekarar 1981, ɗaya daga ciki kuwa ita ce abu ya tashi a hankali ya kuma tsaya a hankali. Hanyar yin hakan ita ce a cunkusa zane-zane kusa da juna a farko da ƙarshe, a tazarta su a tsakiya. Sassauta gudu a manhajojin yau, abin da ake gani da sunan Ease ko Lissage, wannan ƙa'idar ce aka mayar lissafi. Ba ya canza wurin tashi, ba ya canza wurin tsayawa, ba ya kuma ƙara tsawon lokaci. Abin da yake canzawa kawai shi ne nisan da ake ci a kowane firem.

Misali: sunan mai magana a ƙasan allo

A ɗauka ana haɗa rahoto kan manoman albasa na Galmi, ana son sunan wanda ake hira da shi da muƙaminsa su shigo daga hagu. Girman bidiyon 1920 a faɗi, 1080 a tsayi, firem 25 a sakan. Manhaja tana ƙirga wuri da fiksel, wato ɗigon haske, daga kusurwar sama ta hagu: lamba ta farko tana ƙaruwa zuwa dama, ta biyu tana ƙaruwa zuwa ƙasa.

Faɗin rubutun da allonsa fiksel 700 ne, kuma daga tsakiyarsa ake auna inda yake. Wurin tsayawarsa shi ne 600 da 900. A nan gefensa na hagu yana kan 250, ya bar fili mai kyau daga bakin allo. Wurin tashinsa shi ne -400 da 900, inda gefensa na dama yake kan -50, wato ya ɓuya gaba ɗaya. Nisan tafiyar fiksel 1000 ke nan, za a kuma ci shi cikin firem 20, ƙasa da sakan guda kaɗan.

A After Effects, ana fara ajiye rubutun a wurin da zai tsaya, domin can ne ake buƙatar daidaito. A kai alamar lokaci kan 0:00:02:20, a zaɓi rubutun, a danna harafin P don buɗe Position, sannan a danna ɗan agogon da ke kusa da kalmar. Kifirem na farko ya dasu. Daga nan a koma baya zuwa 0:00:02:00, a canza 600 zuwa -400. Manhajar za ta dasa wani kifirem da kanta.

Idan aka kunna yanzu, rubutun zai ci fiksel 50 a kowane firem, daga farko har ƙarshe. Don sassauta shi, a zaɓi kifirem ɗin biyu a danna F9. Sunan wannan umarni Easy Ease a Ingilishi, Lissage de vitesse a Faransanci. A wasu kwamfutocin hannu sai an haɗa da maɓallin Fn. Alamar ta kama ita ce lu'ulu'un ya koma siffar agogon yashi, mai siririn ƙugu.

Abin da F9 ya yi shi ne ya mayar da gudu sifili a kan kowane kifirem, ya kuma ba kowanne ikon kashi 33,33 cikin ɗari na lokacin da ke tsakani. Da wannan saiti, lissafin wurin da rubutun yake yana bin wannan tsari, inda t ke nufin rabon lokacin da ya wuce, p kuma rabon nisan da aka ci, duka daga 0 zuwa 1:

```
p = 3t² − 2t³
```

A firem na farko rubutun fiksel 7 kawai yake ci maimakon 50. A tsakiyar tafiya yana cin kusan 75 a firem guda, wato gudun bai-ɗaya sau ɗaya da rabi. A firem na ƙarshe ya dawo kan 7. Dole tsakiya ta yi sauri, tunda lokacin da aka kashe wajen tashi da tsayawa sai an rama shi a wani wuri.

Sassauci a ƙarshe kawai

Ga rubutun da ke shigowa daga wajen allo, tashi a hankali ɓata lokaci ne, domin ba wanda ke ganinsa. A misalin nan kusan firem uku na farko suna ƙarewa kafin bakin rubutun ya leƙo. Abin da ya fi dacewa shi ne ya shigo da gudunsa, ya yi ta ragewa har ya tsaya. Mafi sauƙin lissafin wannan shi ne:

```
p = 1 − (1 − t)²
```

Ga yadda hanyoyin uku ke raba fiksel 1000 ɗin:

| Firem | Gudun bai-ɗaya | Sassauci a farko da ƙarshe | Sassauci a ƙarshe kawai |
|---|---|---|---|
| 5 | 250 | 156 | 438 |
| 10 | 500 | 500 | 750 |
| 15 | 750 | 844 | 938 |
| 20 | 1000 | 1000 | 1000 |

A hanya ta uku, kafin rabin lokaci ya wuce rubutun ya riga ya ci kashi uku cikin huɗu na tafiyarsa. Sauran firem goma duk na saukowa ne a hankali, mai kallo kuma ya fara karanta sunan tun bai gama tsayawa ba.

Ana samun wannan ta akwatin Keyframe Velocity, wanda ke buɗewa da Ctrl+Shift+K bayan an zaɓi kifirem. A kifirem na tashi a sa gudun fita 2500, wato ninkin matsakaicin gudun tafiyar na fiksel 1250 a sakan, a bar Influence kan 33,33. A kifirem na tsayawa a bar gudun shiga kan sifili kamar yadda F9 ya ajiye shi. Mai son saukowar ta ƙara tsawo sai ya ɗaga Influence na kifirem ɗin tsayawa zuwa 60 ko 75.

Karanta zanen gudu

Shift+F3 yana buɗe Graph Editor, wanda a Faransanci yake Éditeur de graphiques. A zanen gudu, lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, tsayin layi kuma yana nuna saurin abin a wannan lokaci. Gudun bai-ɗaya miƙaƙƙen layi ne a kwance. Sassauci a farko da ƙarshe yana kama da ƙwarya a kife. Sassauci a ƙarshe kawai gangara ce daga sama hagu zuwa ƙasa dama.

Kowane kifirem yana da ɗan hannu da ake ja. Idan aka ja shi zuwa tsakiya, sassaucin wannan ɓangaren yana ƙara tsawo, tudun gudun kuma yana matsawa zuwa ɗaya ɓangaren yana ƙara tsini. Irin wannan lanƙwasa mai hannuwa ana kiranta da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault wanda ya yi amfani da ita wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Manhajojin waya irin su Alight Motion da CapCut suna ba da lanƙwasa shiryayyu da za a zaɓa bayan an tsaya tsakanin kifirem biyu.

Akwai hanyar dubawa da ta fi wannan sauƙi. Idan aka zaɓi rubutun a After Effects, layin da yake bi yana bayyana a kan hoton da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo firem guda. In tazarar ɗigon iri ɗaya ce, gudun bai-ɗaya ne. In sun cunkushe kusa da wurin tsayawa, sassaucin yana inda ya kamata.

Ruɗanin sunaye

Kalmomin In da Out ba su da ma'ana ɗaya a ko'ina, kuma nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. A After Effects ana duba kifirem ne: Easy Ease In, wato Shift+F9, yana rage gudu yayin da abu ke isowa kan kifirem, Easy Ease Out kuma, wato Ctrl+Shift+F9, yana sa shi barin kifirem a hankali. A harshen CSS na shafukan intanet, da manhajoji da dama da suka bi tsarinsa, ana duba tafiyar ce gaba ɗaya: ease-in tashi a hankali ne, ease-out kuma tsayawa a hankali. Ke nan abin da After Effects ke kira In shi ne CSS ke kira out.

Maganin ruɗanin shi ne gwaji. A zaɓi ɗaya, a kunna, a ga wane ɓangare ne ya yi sanyi. In rubutun ya rarrafo a farko sannan ya buga tsayawa da ƙarfi, an zaɓi kishiyar abin da ake so.

Tsayawa da fita

Take cikakke yana buƙatar kifirem huɗu, ba biyu ba: tashi, isowa, ƙarshen tsayawa, da fita. A misalin Galmi rubutun ya iso a 0:00:02:20. Suna da muƙami suna buƙatar kamar sakan huɗu a tsaye, kuma hanyar aunawa ita ce mai montaji ya karanta su da baki sau biyu ba tare da gaggawa ba. Sai a kwafi kifirem na biyu a manna shi a 0:00:07:00, don ƙimar ta zama iri ɗaya sak. Na huɗu a dasa shi a 0:00:07:12 da ƙimar -400.

Fitar ta fi shigowa gajarta, firem 12 maimakon 20, domin mai kallo ya gama da rubutun. Sassaucinta kuma a farko yake: ya tashi a hankali, ya ƙara gudu, ya ɓace a guje.

Kurakurai da alamominsu

Idan rubutun ya iso amma ya fara janyewa a hankali ba tare da ya tsaya ba, an manta da kifirem na uku. Manhajar tana raba tafiyar fita ne a kan dukan lokacin da ke tsakanin na biyu da na ƙarshe.

Idan kifirem na biyu da na uku ƙimarsu ɗaya ce amma rubutun yana ɗan zarcewa ya dawo a tsakaninsu, matsalar ba ta gudu ba ce, ta hanya ce. After Effects yakan lanƙwasa hanyar da abu ke bi da kansa idan kifirem ya wuce biyu. A zaɓe su, a danna Ctrl+Alt+K, a mayar da Spatial Interpolation kan Linear. Wannan yana miƙar da hanyar ne kawai, ba ya taɓa sassaucin gudu, wanda ke ƙarƙashin Temporal Interpolation.

Idan aka ja hannuwan biyu har ƙarshe, rubutun zai yi kamar ya maƙale, sannan ya yi tsalle guda zuwa ɗaya gefen, ya sake maƙalewa. A zanen gudu ana ganin tsini siriri a tsakiya. Haka nan saukowar da ta yi tsawo fiye da kima takan sa rubutu ya riƙa matsawa ƙasa da fiksel ɗaya a firem, siraran haruffa su riƙa ƙyalƙyali. A rage Influence ko a rage yawan firem.

Idan tafiyar ta gajarce ƙwarai, sassauci ba ya da wurin bayyana. Fiksel 1000 cikin firem biyar matsakaicin tsalle ne na 200 a kowane firem, ko wace lanƙwasa aka sa. Ga take irin wannan, firem 12 zuwa 25 ne ke ba da sakamako mai kyau.

Idan tsakiyar tafiyar tana nuna rubutun kamar biyu-biyu, tazarar firem ce ta yi yawa ga ido. Kunna Motion Blur yana shafa gefen rubutun kamar yadda kamara ke yi wa abu mai gudu. Da saitin da manhajar ke zuwa da shi, digiri 180, shafawar rabin tazarar ce, wato kusan fiksel 37 a inda ake cin 75, kuma tana ɓacewa da kanta yayin da gudun ke sauka.

Idan komai daidai yake a cikin manhaja amma bidiyon da aka fitar yana ɗingishi, a duba yawan firem. Aikin da aka haɗa a 30 aka fitar a 25 yana zubar da firem ɗaya cikin kowane shida, wanda aka haɗa a 25 aka fitar a 30 kuma yana maimaita ɗaya bayan kowane biyar. Ana gane wannan ta bin bidiyon firem bayan firem: za a ga wani taku ya ninka, ko hoto bai motsa ba sau ɗaya. Yawan firem na aiki da na fitarwa su zama ɗaya tun farko. Ɗingishin da ake gani lokacin gwaji kawai, wanda babu shi a fayil ɗin ƙarshe, nauyi ne ya yi wa na'urar yawa.

Hoto maras motsi

Ka'idar ɗaya ce idan hoto ake son matsowa da shi, sai dai ƙimar da ake dasawa Scale ce, wadda harafin S ke buɗewa. Hoton buhunan albasa da zai zauna sakan shida ana iya kai shi daga 100 zuwa 110, don kada allo ya mutu yayin da mai rahoto ke magana.

A nan sassauci yana da amfani ne kawai idan mai kallo zai ga farkon motsin ko ƙarshensa, misali idan hoton zai matso ya tsaya kan fuskar mutum guda a cikin taro. In kuwa za a yanke zuwa wani hoto yana cikin motsi, gudun bai-ɗaya ya fi, domin sassauci a motsi mai sanyi irin wannan yana sa sakan na farko da na ƙarshe su zama kamar hoton ya tsaya. Dole kuma hoton ya fi bidiyon girma. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto yawanci an riga an matse shi, ƙara masa girma zai fito da dusashewarsa. Gara a nemi a turo shi a matsayin fayil.

Inda gudun bai-ɗaya ya fi dacewa

Duk motsin da ba a son a ga farkonsa ko ƙarshensa ya fi kyau a bar shi kan Linear. Layin labarai da ke gudana a ƙasan allo, jerin sunayen ma'aikata da ke hawa a ƙarshen shiri, da tambarin da ke juyawa ba tsayawa, duk gudu ɗaya suke buƙata, domin ido yana bin su ne da taku ɗaya. Haka ma sandar da ke nuna saura sakan nawa, tunda aikinta auna lokaci ne. Idan kuma abu zai ratsa ta wurare uku ko huɗu ba tare da hutawa ba, na farko da na ƙarshe kawai ake sassautawa. Danna F9 a kan kifirem na tsakiya zai mayar da gudunsu sifili, abin ya riƙa tsayawa a kowane ɗaya kamar motar haya mai sauke fasinja.